Yadda ake duba aikatau bayan suggest, demand da insist a rubutun Turanci

Ƙanena sakatare ne a wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Wunti, nan Bauchi. Ya kawo min rahoton taronsu in duba, na tarar ya rubuta: The chairman demanded that the treasurer submits the receipts. Na soke s ɗin submits. Ya ce, "Haba Yaya, ai ma'ajin mutum ɗaya ne, tun firamare aka koya mana he submits." Da gaskiyarsa, amma ba a wannan gurbin ba.

Da farko ka buɗe takardar a kwamfuta, ka danna Ctrl+F, ka nemo suggest, demand, insist, recommend, propose da request ɗaya bayan ɗaya. Duk inda that ya biyo baya, tsaya nan.

Sai ka mayar da jimlar Hausa a zuciyarka, ka kore ta. Wannan shi ne gwajin da na fi yarda da shi, domin Hausa ma ta raba abin da ya faru da abin da ake so a yi. "Shugaba ya buƙaci ma'aji ya kawo rasit." In ka kore ta, me zai fito? "Kada ya kawo." Tunda "kada" ta zauna, buƙata ce, ba labari ba. To a nan aikatau na Turanci tsurarsa yake zuwa, yadda yake a ƙamus: that the treasurer submit the receipts. Babu s, babu ed, ko da demanded ya nuna tuni aka yi maganar.

Amma in korewar ta ba ka "bai" ko "ba ya", kada ka taɓa komai. He insisted that he paid the levy na nufin ya dage cewa ya riga ya biya. Kishiyarta "bai biya ba". Ka mayar da paid ya koma pay, ka canza maganar mutumin gaba ɗaya. Haka suggest yake in ma'anarsa "nuna alama": The figures suggest that sales are falling.

Daga nan ka duba is, are, was da were. A jimlar buƙata dukkansu be suke komawa: Members proposed that the meeting be postponed. Kunne zai ƙi ta da farko, daidai ce.

Korewa kuma not kaɗai take so, ba does not ba: She recommended that he not travel.

In be ɗin ya yi maka nauyi, sa should a gabansa, kamar yadda Turawan Ingila suka saba: that the meeting should be postponed. Su a hira har submits ɗin suna faɗa, amma a rahoton taro ko wasiƙar ofis ka zaɓi tsurar aikatau ko should, ka bi guda har ƙarshen takardar. Ƙanena dai should ya ɗauka, wai ya fi kwanta masa a baki.