Ƙari a mahaifa: kurakuran da na gaji da ganin mata na maimaitawa

Jiya a gidan suna a Garin Malam wata ƙanwar ƙawata ta ja ni gefe tana raɗa mini wai an yi mata eko an ce tana da fibrom, kuma har ta fara shan wani jiƙo da aka kawo mata. Ita ce ta huɗu tun bayan sallah. Ni ba likita ba ce, amma ciwon nan ya ci mini shekara kusan biyar, an fiɗe ni a kansa, to bari in faɗi abin da na sani.

Fibrom dai tsiro ne na naman mahaifa, ba kansa ba ne, da wuya ƙwarai a samu mugun ƙari a cikinsa. Sinadaran jikin mace masu kawo al'ada su ke ciyar da shi, shi ya sa yake girma a shekarun haihuwa, in mace ta daina al'ada kuma yawanci sai ya motse. Mu baƙaƙen mata mun fi kowa samun shi, kuma da wuri.

Kuskuren da ya kusa kai ni lahira shi ne ɗaukar zubar jini a matsayin "haka nawa jikin yake". Al'adata kwana 5 ce a da, ta koma 7, ta koma 10, da gudaji manya manya kamar hanta, ina canza audugar mata kowace awa, da dare sai na ninka zane biyu na shimfiɗa kuma duk da haka sai katifa ta ɓaci. Na gaya wa gwaggota ta ce ai danginmu haka muke, mu masu jini ne. Shikenan na zauna. Shekara biyu ina haki in na ɗauko bokiti daga famfo zuwa ɗaki, zuciyata na bugawa, jiri, ga wani kwaɗayin farar ƙasa da ƙanƙara da ya kama ni har ana tsokanata wai ciki ne. Ba ciki ba ne, ƙarancin jini ne ke sa wannan kwaɗayin. Ran da na faɗi a Kasuwar Dole aka kai ni asibiti, gwajin jini ya nuna 6, alhali na mace lafiyayya daga 12 yake farawa. Leda biyu aka ƙara mini, sai da ƙannena maza suka zo suka ba da nasu.

Don Allah ku ji ni da kyau. In al'ada ta wuce kwana 7, ko kina jiƙa auduga cikin awa ɗaya zuwa biyu, ko kina zubar da gudaji, kar ki ce gado ne ki zauna, ki je a yi miki eko da gwajin jini rana ɗaya. Ni abin da na riƙa yi daga baya, kullum ina rubuta auduga nawa na canza a ƙaramin littafi, don in likita ya ce "jinin da yawa?" ba zan tsaya ina "eh to" ba. Kuma akwai magani mai rage jinin, ana ce mishi asid taranezamik, ranakun al'ada kawai ake sha, likita ke rubuta shi don bai dace da wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya ba. Ƙwayar ƙarin jini kuma ba a dainawa don an ji sauƙi, sai an ƙara kamar wata 3 bayan jinin ya hau. Kar ki kora ta da shayi, shayi na hana ta shiga jiki, ni na yi wata biyu ina wannan wautar.

Na biyu, kuma shi ya fi ba ni haushi, maganar kwantaccen ciki da jiƙo. Ciki ya tasa, ana taɓa abu mai tauri a mara, sai tsofaffi su ce ciki ne ya kwanta, a nemo maganin tada shi. Haba! Gwajin ciki na fitsari a farmasi nawa yake? Ni kuma masu magani na mota da lasifika suka samu, wai jarka uku ƙarin zai narke ya fita. Na sha, na yi ta zawo, in na ga gudajin jini sai mai maganin ya ce alhamdulillahi gashi nan yana fita. Ƙarya ne, jinina ne ke fita. Fibrom nama ne mai tauri kamar ƙwallon goruba, yana zaune cikin bangon mahaifa, abin da kika sha ta baki ba ya narkar da shi. Na kashe sama da jika 80 cikin shekara guda, da na fara babban yana santimita 4, da na koma eko ya kai 9, yana danne mafitsara ina tashi fitsari sau biyar a dare.

Sai masu tsorata da girma kawai. Ba girman ne farko ba, wurin da ya zauna ne. Wanda ya fito ta bayan mahaifa zai iya kai santimita 6 ko 7 mace ta ɗauki ciki ta haihu lafiya. Wanda ya tsiro ta ciki, inda ɗa ke kwanciya, ko santimita 2 ne zai iya kawo zubar jini da ɓari da hana ciki zama. Nawa guda uku ne, kuma ƙaramin na ciki shi ke zubar da ni, babban fitsari kawai yake sa ni. In an ba ki takardar eko ki tambaya, guda nawa ne, santimita nawa, a ina suke, sun taɓa cikin mahaifa ko a'a.

Kar kuma a ɗora wa fibrom duk laifin rashin haihuwa, maigida ma ya je a gwada maniyyinsa kafin ki kwanta a ƙarƙashin wuƙa.

In kuma ba ya damunki da komai, ba jini ba ciwo, a bar shi, eko lokaci lokaci ya isa.

Masu gudun aiki saboda "za a cire mini mahaifa", aiki iri biyu ne. Akwai wanda ake ciro ƙarin a bar mahaifa, shi aka yi mini, akwai kuma cire mahaifar duka, wanda ya fi dacewa da wadda ta gama haihuwa kuma jini ya ishe ta, don shi kaɗai ne ƙarin ba ya dawowa bayansa. Ki faɗa wa likita tun farko kina son haihuwa, ki karanta takardar da za ki sa hannu, don in jini ya ƙi tsayawa a ɗakin aiki suna iya cirewa don ceton ranki. Allurar nan ta wata wata mai tsaida al'ada tana motsar da shi, amma wata 3 zuwa 6 ake yi, yawanci don a shirya ki aiki, in an daina sai ya dawo.

Mai ciki kuwa, yawancin masu fibrom suna haihuwa lafiya. Abin da kan faru, wajen wata 4 zuwa 6 jini ya kasa isar ƙarin sai ya yi ciwo sosai a wuri ɗaya, hutu da parasetamol ake bayarwa, ba ibuforofen na mai tebur ba, kuma ba a cika taɓa shi da wuƙa da ciki ba. Amma yana iya sa ɗa ya zo a gicciye, ko jini ya ɓalle bayan haihuwa, don haka haihuwar gida ba taki ba ce.

Ni bayan aikin an ce in jira wata 6 kafin in nemi ciki, kuma tunda an buɗe har cikin mahaifar, ba zan yi naƙuda ba, sai sezariyan, don ɗinkin na iya tsagewa. Surukata ta yi ta faɗa wai ragwanta ce. Na ajiye takardar aikin cikin leda a ƙasan akwati, ranar awon farko na miƙa wa sazfam, ta karanta ta rubuta a saman karne da jan biro. Ƴata yanzu shekararta 3. Ekon bara ya nuna wani sabo ya fito, santimita 2, ta baya, likita ya ce in dawo bayan shekara.