Yabon kwastoma: inda masu ɗora shi ke ɓata abin

Ɗauki mai ɗinkin takalman fata nan Sakkwato. Wata hajiya ta saye, bayan wata huɗu ta turo mai saƙo ta Wasaf: "Malam takalman nan har yanzu ba su ɓalle ba, kullum da su nike zuwa makaranta, har ruwa sunka sha. Sai dai satin farko sun ɗan matse ni." Wanga saƙo ya fi duk tallan da zai biya kuɗi a yi mai, amma ku duba yadda mutanenmu ke ɓata shi.

Abu na farko, sai ya ɗora hoton saƙon ya rubuta a sama "mu ne na ɗaya a duk Arewa, maƙiya sai haƙuri". Haba malam. Hajiya ta riga ta yabe ka, kai kuma ka ƙwace bakin, to mai karatu ya bar jin ta ya koma jin ka, kuma kowa ya san yabon kai jahilci ne. Naka layin ya zama bayani kawai: irin fatar, ta jar akuya ce ko ta shanu, yaushe anka saye, sai godiya. Hukuncin kyau a bar ma ita.

Sai wanda ya fi ci min rai, yanke ƙorafin. Zai goge "sun ɗan matse ni" wai kar a ga aibi, alhali wurin nan ne ke sa a yarda mutum ne ya rubuta ba ƙanenka ba, don duk wanda ya taɓa sa sabon takalmin fata ya san yana matsewa kafin ya saki. Bar shi, ka ƙara da cewa fata takan saki in an sa ta kwana biyu, mai faɗin ƙafa kuma ya faɗa tun wajen awo. Ka ga ka amsa tambayar da mai saye ke ɓoye a ransa. Kuma kar ka gyara mata magana ta koma irin ta tallan rediyo, da an karanta ake ganewa.

Wasu kuma saƙon "Masha Allah ya yi kyau" suke tarawa guda ashirin su jera a sitatus har ɗigon sama ya koma kamar tsaba, ba mai buɗewa. In kwastoma ya ce ya yi kyau, tambaye shi mi ya fi burge shi, wata nawa ke nan yana amfani da shi. Amsar ita za ka ɗora, guda ɗaya tal, da hoton takalmin yadda yake yanzu bayan ya sha tafiya.

Kuma don Allah a nemi izini tukuna, musamman in matar aure ce, a rufe lamba da hotonta, muryar da ta turo kam kar ka sake ta fita sai ta ce ta yarda. A ƙasa ka sa farashi da yadda za a yi oda, kar a yi ta bin ka da "nawa ne".