Rage kwanakin aiki: inda 'yan kwangila ke zubar da kuɗi a banza

A ce an ba ka kwangilar gina shago, mai shi kuma ya matsa a gama da wuri. Tushe kwana 6 ne, jera bulo kwana 8, rufi kwana 5, jimla 19. Kafinta yana haɗa katakon rufi cikin kwana 6, daga ranar da aka gama tushe, don haka sarƙarsa ta tushe, katako, rufi kwana 17 ce.

Kowane aiki sai ka san kuɗin rage masa kwana ɗaya:

```
(kuɗin gaggawa − kuɗin da aka saba) ÷ (kwanakin da aka saba − kwanakin gaggawa)
```

Idan tushe naira 600,000 ne a kwana 6, amma 680,000 a kwana 4, kwana ɗaya ya kama 40,000. A ce na bulo 60,000 ne (kwana 3 ake iya ragewa), na katako 20,000, na rufi 90,000 (kwana ɗaya tak).

Kuskuren farko shi ne rugawa wurin kafinta saboda nasa ya fi araha. Ko ya kwana yana buga ƙusa, jiran magina zai yi, kwana 19 na nan daram. Sarƙar da ta fi tsawo kaɗai ake taɓawa, a cikinta kuma a fara da mai rahusa: tushe, kwana 2, naira 80,000. An dawo 17, sarƙar kafinta 15.

Wasu kuma jimlar kuɗi suke dubawa, su ga bulo 180,000, rufi 90,000, su zaɓi rufi. Ai kwana uku ne da kwana ɗaya. Bulo ne na gaba.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne rage wa bulo kwana ukun a tashi ɗaya. Bayan kwana biyu, wato 120,000, sarƙoƙin biyu sun yi kunnen doki a 15. Ka biya na ukun, magina su gama, katako bai iso ba, 60,000 ta tafi. Shi ya sa bayan kowane kwana da ka rage, sai ka sake lissafa tsawon kowace sarƙa. Daga nan, kwana ɗaya sai an rage bulo da katako tare, 80,000, wanda har yanzu bai kai na rufi ba.

To a ina za a tsaya? Idan mai gadi, hayar injin kwaɓa siminti da albashin mai kula da aiki suna cin 70,000 kullum, kwana huɗun farko sun tsirar da 280,000 a kan 200,000 da ka kashe. Na biyar kuwa hasarar 10,000 ne. Tsaya a 15, sai fa idan yarjejeniyar ta ce a gama a 14 kuma tarar jinkirin ta wuce 10,000.

Kwanakin da kankare ke buƙata ya yi ƙarfi kuwa, kada ma ka sa su cikin lissafin ragewa; ƙarin leburori ba ya gajarta su.