Yadda ake rubuta wa dillalin gidaje takardar neman kuɗin ajiya

Masu haya a Zinder suna yawan tambayata yadda za su nemi kuɗin ajiyar da aka riƙe ba bayani.

1. Ka fara da kwanan wata, sunanka da unguwar da gidan yake.
2. Ka rubuta adadin da ka ajiye da sefa, domin jaka da dala suna kawo saɓani.
3. Ka ambaci ranar da ka miƙa makulli da wanda ya karɓa.
4. Ka roƙi dillalin cikin ladabi ya maido kuɗin, ko ya jero kowane gyara da farashinsa da rasiɗinsa, fenti ne ko kan famfo.
5. Ka sa wa'adi, misali kwana 15.
6. Ka haɗa kwafin rasiɗinka. Hattara, kada ka ba da na asali.
7. Ka sa dillalin ya sa hannu a kwafin takardar da za ka riƙe.