Yadda Ake Rubuta Takardar Neman Tallafi Kan Lafiyar Kwakwalwa

1. Fara da matsala guda a unguwa guda, misali mata masu jego da ke fama da ciwon damuwa. Faɗi yadda ka san hakan.

2. Bayyana aikin: horar da mata 10 na kwana 5 bisa mhGAP, wato tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na koya wa waɗanda ba ƙwararru ba yadda ake gano matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa, su riƙa gano masu damuwa suna miƙa su asibiti.

3. A kasafin kuɗi, nuna lissafin kowane abu. Kada ka rubuta "sufuri, naira 600,000" ka tsaya nan. Rubuta cewa mata 10 za su karɓi naira 5,000 kowace a wata, tsawon wata 12, domin gida-gida za su bi. Nan takardu da yawa ke faɗuwa: idan aiki yana cikin bayani amma babu kuɗinsa a kasafi, ko akasin haka, mai dubawa zai gane nan take.

4. Faɗi wanda zai riƙe aikin bayan tallafi ya ƙare. "Za mu nemi wani tallafin" ba tsari ba ne. Haɗa da wasiƙar amincewar sashen lafiya na ƙaramar hukuma cewa asibitinsu zai ci gaba da karɓar matan da ake miƙa masa.