Yadda na gyara lissafin MRR ɗinmu

A watan Janairu lissafin kuɗin shiga mai maimaituwa duk wata, wato MRR, ya yi tsalle, Fabrairu kuma ya faɗi warwas, alhali ko mutum ɗaya bai soke rajistarsa ba. Ashe ni ne nake zuba kuɗin masu biyan shekara ɗungurungum cikin watan da suka biya.

Sai na mayar da kowace rajista ma'aunin wata ɗaya:

```
MRR = na_wata + na_wata_uku/3 + na_shekara/12
```

Mai biyan 50 duk wata yana nan a 50. Mai 120 duk wata uku ya koma 40, mai 360 a shekara kuma 30. Jimilla 120 ke nan, ba 530 da nake gani ba. Kuɗin saiti da ake biya sau ɗaya ma na fitar da shi, tunda ba ya dawowa.