Kurakuran da aka fi yi wajen auna famfon sola, tanki da kwamin shayar da dabbobi

A wuraren kiwo irin su Ladduga da ke ƙaramar hukumar Kachia a jihar Kaduna, sau da yawa za ka tarar da rijiyar burtsatse da faifan sola sabbi fil, amma shanu na layi har la'asar ba su ƙoshi da ruwa ba. Galibi tun a lissafi aka kuskure.

Kuskuren farko shi ne sayen famfo kafin a ƙirga bakin da za su sha. A bazara, wato Maris da Afrilu, babbar saniya Bunaji tana shan kusan lita 40 a rana, tunkiya ko akuya lita 5. Mu ɗauki ruga mai shanu 150 da ƙananan dabbobi 100: lita 6,500 ke nan. A ƙara na zubewa, na masu shayar da maruƙa da na matan da za su zo da jarkoki, domin tabbas za su zo, sai a tsaya a lita 8,000. Daga nan wasu sukan raba wannan adadi da awa goma, wai ai rana tana nan tun safe. Ranar da ke tura famfo da cikakken ƙarfi ba ta wuce awa biyar zuwa shida, hazon hunturu kuma yana rage ta. A raba da biyar: lita 1,600 a awa.

Na biyu ya fi tsada. Yawancin ƙasar Kaduna dutse ne a ƙarƙashi, ruwan yana cikin tsagogi da ruɓaɓɓen dutse, don haka rijiyoyi da yawa ba sa bayarwa da sauri. Wanda ya sa famfo mai jan lita 4,000 a awa a rijiyar da ke kawo 2,000 zai ga ruwa na fita da ƙarfi, sai ya koma tofi da iska, ya ɗauke, ya dawo da yashi. A haka famfo ke ƙonewa. Gyaran shi ne a yi gwajin zuƙo ruwa na sa'o'i masu yawa a ƙarshen rani, a zaɓi famfon da bai kai abin da rijiyar ke bayarwa ba, a kuma sa na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya yi ƙasa.

A gwajin ne ake sanin tsayin da za a tura ruwa. Ba zurfin rijiyar ake ɗauka ba, ba kuma inda ruwa yake kwance da asuba ba. Inda ya sauka ya tsaya ana cikin zuƙo shi ne ma'auni. Idan mita 35 ne, a ƙara 5 na hawa tanki da 5 na gogayya cikin bututu, ya zama 45. Tura lita 1,600 a awa zuwa mita 45 yana son famfo mai kusan wat 500, da faifai na wat 750, saboda zafi da ƙura suna cin ƙarfinsu. A fuskantar da su kudu, a riƙa goge su, a kewaye su da shinge.

Tanki kuwa ya ɗauki ruwan kwana biyu aƙalla, lita 16,000 a misalinmu. A ganina kuɗin batir gara a zuba shi a nan. Sai dai a tuna lita 10,000 tan goma ce, ƙafar tankin ba wurin tsimi ba ne.

Inda aka fi sakaci shi ne kwami. Shanu ba sa zuwa ɗaya-ɗaya. Garke guda ke isowa da ƙishi, kowace tana iya zuƙe sama da lita 10 a minti. Famfonmu kuwa lita 27 yake kawowa a minti, ruwan shanu biyu kacal. Saboda haka kada a haɗa kwami da famfo kai tsaye, daga tanki zai sha. Kuma bututun inci ɗaya da aka saba sakawa ba ya riskar garke: kwami ya bushe, manya su tunkuɗe ƙanana, tanki na sama cike da ruwa. A sa inci biyu, da makunni mai ƙwallo da ke tsayar da ruwa idan kwami ya cika, wanda bakinsa ya kai girman bututun, a rufe shi da ƙarfe kada a take shi.

Bunaji masu ƙaho ne, kowace tana son wurin tsayawa kamar santimita 75. Kwami mai tsawon mita 6 da ake sha ta gefe biyu zai ɗauki 16 a lokaci guda, shanu 150 kuma rukuni goma ke nan. Idan faɗinsa santimita 80 ne, zurfin ruwa 40, zai riƙe kusan lita 1,900, wanda ya ishi rukuni uku ko da bututu bai ƙara komai ba. Tumaki da awaki a gina musu nasu gajere a gefe. A zuba kankare kewaye da kwamin, a nisanta shi da bakin rijiya kamar mita 30 ta gangare, domin taɓo da kashin shanu kada su koma cikin ruwan.